Rabin Awa Ba Ɗigo Talatin Ba Ne: Inda Mintocin Ma'aikata Ke Zurarewa

Ko ɗan firamare ya san cewa awa bakwai da rabi, in aka ƙara mata wata awa bakwai da rabi, awa goma sha biyar ke nan cif. Amma a ɗauko kalkuleta a danna 7.30, a tara da wani 7.30, abin da zai fito shi ne 14.6. Duk wanda ya ɗauki wannan adadi ya ninka da kuɗin awa ya biya ma'aikaci, to ya ci masa haƙƙin minti 24 a kwana biyu kacal, kuma zai iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa bai zalunci kowa ba, domin har ga Allah bai san ya yi ba.

Wannan kuskure yana nan a duk inda ake biyan mutum gwargwadon lokacin da ya yi yana aiki. Ana samunsa a wuraren gine-gine, da injinan gyaran shinkafa, da kamfanonin masu gadi, da makarantun da ke biyan malamai kuɗin darasi awa-awa, da wajen masu ba da hayar katafila ko tarakta. Ranar biya ma'aikaci ya ƙirga kuɗinsa ya ce, "Oga, kuɗina bai cika ba." Akawu ya juyo masa da fuskar kalkuleta ya ce, "Malam, ga shi nan, duba da idonka." Daga nan magana ta mutu, don mutane sun ɗauka na'ura ba ta ƙarya. Gaskiya ne ba ta yi ba. Abin da aka ba ta ne ba daidai ba.

Tushen matsalar ɗaya ne. Awa minti 60 ce, ita kuwa kalkuleta duk abin da ya zo bayan ɗigo tana ɗaukarsa a matsayin kaso cikin goma ko cikin ɗari. Idan aka rubuta naira 7.30, ana nufin naira bakwai da kwabo talatin, kuma hakan daidai ne, tunda kwabo ɗari ke yin naira. Idan aka rubuta awa 7.30 aka miƙa wa na'ura, ita abin da ta ji shi ne awa bakwai da kashi talatin cikin ɗari na awa. Kashi talatin cikin ɗari na minti 60 kuwa minti 18 ne. Ma'aikaci ya yi minti 30, an rubuta masa 18, sha biyu sun bi iska.

Haka abin yake a kowane adadi. Minti 15 da aka shigar a matsayin .15 ya koma minti 9. Minti 45 ya koma 27. A taƙaice, kowane minti goma ana zaftare huɗu daga ciki, wato kashi 40 cikin ɗari na duk mintocin da ke saman cikakkun awoyi. A wajen tarawa kuma kullum gefe ɗaya asarar take faɗawa, gefen wanda ya yi aikin.

Akwai dalilin da ya sa hannu ke saurin zuwa ga ɗigo. A Nijeriya an gaji salon rubutun Ingila, inda ake rubuta ƙarfe bakwai da rabi a matsayin 7.30, kuma har yau haka ake gani a katin ɗaurin aure da jadawalin makarantu. Mutumin da ya saba da wannan tun yana yaro ba zai ga aibu ba in ya rubuta tsawon aikin yini da irin wannan ɗigo. A Nijar, inda aka gaji salon Faransa, ana rubuta 7h30 ga lokaci, sannan 7,5 da waƙafi ga lissafi, saboda haka ido ya fi saurin rarrabe su a takarda. Sai dai kalkuleta ba ta da harafin da ke tsakiyar 7h30, kuma akawun Maraɗi da ke sauri zai iya danna 7.30 kamar yadda takwaransa na Katsina zai yi.

Sittin ɗin nan tsohon gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, waɗanda ke ƙirga da sittin-sittin shekaru dubbai da suka wuce. Adadi ne mai daɗin rabo: yana rabuwa gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, ba tare da saura ba, alhali ɗari ko gida uku ba ta rabuwa. Faransawa sun taɓa yunƙurin kawar da shi a 1793, lokacin juyin juya halinsu, suka mai da yini awa goma, kowace awa minti ɗari. Jama'a ba su karɓa ba, a 1795 aka janye tilascin. Don haka agogo ya zauna a kan sittin, kuɗi kuma suka koma ɗari, aka bar akawu a tsakiya.

Dattawan da suka yi ciniki kafin 1973 ba su da wannan matsala, kuma abin lura ne. Kafin naira da kwabo su zo a ranar 1 ga Janairu na wannan shekara, kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam. Mai tebur a kasuwar Kurmi ya san sisi da sisi sule ne, ba ya jira kwabbai su kai goma ko ɗari kafin ya ɗaga su zuwa gaba. Yana tara kwabbai daban, sulalla daban, sannan ya mai da kowane sha biyu sule guda. Wannan dabara ce dai ake bukata ga awa da minti, illa kawai a nan sittin ce iyaka.

A ɗauki misalin wani lebura a injin gyaran shinkafa, wanda aka yi yarjejeniya za a riƙa biyansa naira 600 a kowace awa. An zaɓi wannan farashi ne don sauƙin bibiya, domin ya kama naira goma a kowane minti. Bayan an cire lokacin hutu, rajista ta nuna ya yi awa 7 da minti 30 ranar Litinin, awa 8 da minti 45 ranar Talata, awa 7 da minti 50 ranar Laraba, awa 8 da minti 15 ranar Alhamis. Ranar Juma'a, saboda masallaci, awa 6 da minti 40 ya yi, ranar Asabar kuma awa 5 da minti 30.

Hanyar da ba ta ɓata ita ce a ja layi a raba takarda gida biyu, awoyi a hagu, mintoci a dama. Awoyin su ne 7, 8, 7, 8, 6 da 5, jimla 41. Mintocin su ne 30, 45, 50, 15, 40 da 30, jimla 210. Sai a tambaya, sittin nawa ne a cikin 210? Uku ne, wato 180, saura 30. Waɗannan ukun awoyi ne, sai a kai su hagu, 41 ta zama 44. Aikin mako ya kama awa 44 da minti 30.

Saura mataki ɗaya, kuma a nan ne masu yawa ke tuntuɓe bayan sun yi komai daidai. Kafin a ninka da kuɗi, dole a mai da mintocin da suka rage su zama kason awa, ta hanyar raba su da 60. Talatin a raba da sittin ya ba da 0.5, don haka adadin da za a danna shi ne 44.5. A ninka da 600, haƙƙin leburan naira 26,700 ne. Wanda ba ya son ɗigo sam yana iya bin wata hanyar: ya mai da komai minti, 44 sau 60 a ƙara 30, wato minti 2,670, ya ninka da kuɗin awa, sannan ya raba da 60. Amsar ba za ta canza ba, kuma yin hanyoyin biyu shi ne mafi sauƙin tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba.

Yanzu ga abin da akawu mai gaggawa zai samu. Ya danna 7.30, 8.45, 7.50, 8.15, 6.40 da 5.30, kalkuleta ta ba shi 43.10. Ya ninka da 600, ya ƙirga naira 25,860 ya miƙa. Giɓin naira 840 ne, daidai da aikin awa ɗaya da minti 24. Ana iya gane inda suka tafi: mintocin makon 210 ne, kashi 40 cikin ɗari nasu 84 ne, kowanne naira goma. In haka ta riƙa faruwa kowane mako, a shekara kuɗin sun haura naira 43,000 a kan mutum ɗaya. In leburori talatin ne masu irin wannan rajista, naira 25,200 ke maƙalewa a aljihun mai injin kowane mako, shi ma bai sani ba.

Akwai kuma akawun da ya fi wancan lura. Shi ya tara awoyi daban, mintoci daban, ya samu 44 da 30 daidai, amma da ya zo ninkawa sai ya danna 44.30. Zai biya naira 26,580, ya rage 120. Ɓarnarsa ba ta kai ta na farko ba, saboda sau ɗaya ya yi kuskuren a mako maimakon sau shida. Wannan ma shi ya sa irin nasa ya fi daɗewa ba a kama ba. Mutum kan yi gardama a kan naira 840, amma da wuya ya tsaya jayayya da mai gidansa a kan 120.

Abin da ke ƙara rufe ido shi ne, wani lokaci tarawar da ɗigo takan yi kamar ta yi daidai. 7.15 da 8.30 sun ba da 15.45, in aka karanta shi awa 15 da minti 45 babu laifi. Mutum ya gwada sau biyu ya ga ya dace, sai ya amince da hanyar. Tana rushewa ne da zarar mintoci sun kai ɗari, domin a nan kalkuleta ke ɗaga ɗaya zuwa gidan awa, alhali tun a sittin ya kamata a ɗaga. A misalin leburan nan, minti 210 sun ba ta awa biyu da saura goma, a maimakon awa uku da saura talatin.

Inda aka yi yarjejeniyar kuɗin ƙarin lokaci, asarar ta fi haka zafi. A ce abin da ya haura awa 40 a mako ana biyansa ninki ɗaya da rabi, wato naira 900. Leburan ya yi ƙarin awa 4.5, kuɗinsu naira 4,050. A lissafin ɗigo ƙarin 3.10 ne kawai, naira 2,790. Giɓin ya tashi daga 840 zuwa 1,260, saboda mintocin da suka ɓace daga saman jimla ake yanke su, inda awa ta fi tsada. Wanda ya yi awa 41 na gaskiya ma zai iya ganin an rubuta masa ƙasa da 40, a ce bai yi ƙarin lokaci ba ko kaɗan.

Kada mai kamfani ya karanta wannan ya ɗauka shi riba kawai yake ci. A wajen ɗebewa, kuskuren yakan juyo kansa. Kafin a samu tsawon aikin yini sai an cire lokacin shiga daga lokacin tashi. Leburan ya sa hannu ranar Litinin da ƙarfe 8:45 na safe, ya tashi 5:15 na yamma, wato 17:15 a agogon awa ashirin da huɗu. Ba a iya cire 45 daga 15, sai an yi aro. Awa ɗaya da za a aro minti 60 ce, don haka 17:15 ta zama awa 16 da minti 75. A cire 8 da 45, saura awa 8 da minti 30. A cire awa ɗaya ta salla da cin abinci, a samu 7 da 30 ɗin da ke rajista. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini, ko da yake batun a biya lokacin hutun ko a cire shi abu ne da ya kamata a fayyace tun ranar ɗaukar aiki.

Kalkuleta kuwa in aka ba ta 17.15 a cire 8.45, ɗari take arowa, sai ta ba da 8.70. A matsayin kason awa, wannan awa 8 da minti 42 ne, an yi wa ma'aikaci kyautar minti 12. Da a ce ya shiga 8:15 ya tashi 17:45, za ta ba da 9.30 a maimakon 9.5, a ci masa minti 12. Wato wanda mintocin shigarsa suka fi na tashinsa yawa yana samun ƙari, wanda nasa suka zo akasin haka yana asara. Mutum biyu da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa sai su karɓi kuɗi daban-daban, a yi ta zargin akawu da son kai.

Wanda aro ke ba shi wahala yana iya ƙirgawa gaba, yadda mai shago ke ba da canji. Daga 8:45 zuwa 9:00 minti 15, daga 9:00 zuwa 5:00 awa takwas, daga 5:00 zuwa 5:15 wani minti 15. Awa takwas da rabi. Ga mai gadin da ya kama aiki 22:15 ya sauka 6:45 na safe, a ƙara 24 a kan lokacin saukarsa ya zama 30:45, sannan a cire 22:15, a samu awa 8 da minti 30.

To yaya mai duba takarda zai gane an yi wannan kuskure ba tare da ya sake lissafin kowa ba? Ya kalli abin da ke bayan ɗigo. Idan an ce takardar ta awa da minti ce, kuma ya ga .70 ko .85, to an yi aro ko tarawa da ɗari, domin babu agogon da ke nuna minti saba'in. Idan kuma an ce an riga an mai da komai kason awa, ya kamata ya riƙa cin karo da .25 da .5 da .75, da irin su .67 da .83. In ya bi layi daga sama har ƙasa, sunaye hamsin, bai ga adadi ko ɗaya da ya haura .59 ba, sai .15 da .30 da .45 ke ta maimaituwa, to mintoci ne aka shigar yadda suke. Adadi ɗaya ba ya isa hujja, domin .30 na iya zama minti 18 na gaskiya. Yawan maimaituwar ne ke tona asiri.

Adadin da ake bukatar haddacewa ba su da yawa. Kwata 0.25, rabi 0.5, minti 45 kuma 0.75. Bayan su sai ƙa'ida ɗaya mai amfani ƙwarai: kowane minti shida 0.1 ne. Daga nan minti 12 ya zama 0.2, minti 18 ya zama 0.3, minti 48 ya zama 0.8. Sauran a bar wa rabawa da 60.

Wasu mintocin ba sa ƙarewa in an raba su. Minti 20 yana ba da 0.3333 har abada, minti 50 kuma 0.8333. Dole a yanke a wani wuri, kuma wurin yankewar yana da tasiri. Ma'aikacin da ke yin ƙarin minti 20 kullum na kwana 26 ya tara minti 520, wato awa 8 da minti 40. In aka rubuta masa 0.33 kowace rana, abin da zai rasa a wata bai wuce minti biyar da 'yan sakanni ba. In aka gajarce zuwa 0.3, ya rasa minti 52. In aka yi babban kuskuren aka rubuta .20, ya rasa awa 3 da minti 28. Shi ya sa ya fi kyau a tara mintoci yadda suke har ƙarshen mako ko wata, a raba da 60 sau ɗaya, a yanke a wajen kuɗi.

Kuskuren yana da ɗan'uwa da ke zuwa ta bayan gida, kuma masu hayar manyan injina sun fi kowa haɗuwa da shi. A jikin katafila, da tarakta, da babban janareta akwai ɗan ƙaramin agogo mai ƙirga awoyin da injin ya yi yana aiki. Lambarsa ta ƙarshe, wadda a yawancinsu take da launi daban ko take bayan ɗigo, kashi ɗaya cikin goma na awa take nunawa, wato minti shida-shida. A ce da safe agogon yana kan 1243.6, da yamma ya kai 1251.1. Bambancin 7.5 ne, kuma a nan ɗebewar kalkuleta daidai take, domin agogon da goma yake ƙirga. Awa bakwai da rabi ke nan. In kuɗin haya naira 20,000 ne a awa, za a biya 150,000. Amma sai a samu mai injin ya karanta shi awa bakwai da minti hamsin ya nemi kusan 156,700, mai haya kuma ya ce ai minti biyar ne, ya tsaya a kan kusan 141,700. Naira dubu goma sha biyar tsakaninsu, a kan lamba ɗaya da kowa ke gani da idonsa. Wani abin lura kuma, a wasu tsofaffin taraktoci agogon yana bin juyawar injin ne, yana sauri in an taka, yana jan ƙafa in injin na zaune, don haka ba lallai ya dace da agogon hannu ba. Gara a yanke tun farko da wanne za a yi hisabi.

Na'urorin dangwala yatsa da ake sawa a ƙofar ma'aikatu su ma kowace da salonta. Wata tana fitar da rahoto da awa da minti, wata da kason awa. Kafin a yarda da rahoton, a nemi ranar da aka san mutum ya yi awa takwas da rabi a ga ko 8:30 aka rubuta ko 8.50.

Masu aiki da kwamfuta sukan ɗauka sun tsira, alhali Excel yana da tarkunansa guda uku. Shi a wurinsa lokaci kason yini ne: ƙarfe 12:00 na rana 0.5 ne, ƙarfe 6:00 na safe 0.25. In aka rubuta 7:30 da ɗigo biyu zai gane lokaci ake nufi, in aka rubuta 7.30 da ɗigo ɗaya ya zama kalkuleta. Wannan shi ne tarko na farko. Na biyu yana wajen jimla. A tara kwanakin leburan nan shida, sai a ga 20:30 a maimakon 44:30, saboda da ya kai 24 sai ya koma farko kamar agogon bango. Lissafin yana nan daidai a ciki, nunin ne ya gaza. Maganinsa a shiga Format Cells, a zaɓi Custom, a rubuta wannan:

```
[h]:mm
```

A Google Sheets kuwa zaɓin Duration ne ke yin wannan aiki. Tarko na uku shi ne ninkawa da kuɗi. Tunda 44:30 a cikinsa kwana ɗaya ne da 'yan kai, wajen 1.854, in aka ninka da 600 kai tsaye naira 1,112.50 za ta fito. Sai an fara ninkawa da 24. In jimlar tana gidan D8, kuɗin awa kuma a E1, lokacin shiga a A2, na tashi a B2, ga abin da za a rubuta:

```
=D8*24*E1
=MOD(B2-A2,1)
```

Layi na farko shi ke ba da 26,700, amma a tabbata gidan amsar yana kan Number, in ba haka ba zai nuna kuɗin da siffar agogo. Na biyu yana ba da tsawon aiki ko da ya tsallaka tsakar dare, irin na mai gadi. Idan kuma an gaji tsohuwar takarda da aka cika da 7.30 da 8.45, ba sai an sake bugawa ba. Wannan zai mai da kowane adadi kason awa na gaskiya, muddin rana-rana aka shigar da su ba a riga an tara ba:

```
=INT(C2)+(C2-INT(C2))*100/60
```

Wanda ba shi da kwamfuta ya duba jakar ɗansa ɗan sakandare. Kalkuletar kimiyya irin ta Casio tana da maɓalli mai alamar °’” wanda aka yi don digiri da minti da sakan, kuma da sittin yake ƙirga. A danna 7, maɓallin, 30, maɓallin, a tara da 8, maɓallin, 45, maɓallin, za ta ba da 16 da 15. A sake taɓa maɓallin ta mai da shi 16.25, a shirye don ninkawa da kuɗi.

Duk da haka gyaran da ya fi arha a kan takardar kanta yake. Rajistar da ke da gida ɗaya mai taken "lokaci" ita ke jawo ɗigo. A raba shi biyu, a rubuta "awa" a kan ɗaya, "minti" a kan ɗaya, sannan a ƙasa a bar layin jimlar mintoci, da layin da aka raba su da 60. Akawun da ya ga 210 a rubuce a gidan minti ba zai yi gigin kiransa 2.10 ba. Mai kamfanin da ya gano an daɗe ana wannan kuskure a wurinsa kuma yana da hanyar sanin abin da ake binsa: ya tara mintocin da ke bayan ɗigo a tsofaffin takardu, kashi 40 cikin ɗari nasu shi ne bashin, in dai a wajen tarawa aka yi kuskuren. Haƙƙin mutane ne, rashin sani bai sauke shi ba, ya kamata a mayar.

Ma'aikaci kuma ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da na tashinsa kowace rana. Ranar biya, kafin ya sa hannu, ya roƙi akawu cikin ladabi ya nuna masa adadin awoyin da aka ninka da kuɗi. In littafinsa ya ce awa 44 da rabi, adadin da ya kamata ya gani shi ne 44.5. In ya ga 44.30 ko 43.10, ya nemi a zauna a sake tarawa, awoyi daban, mintoci daban.